Bayanin rantsuwa ga kamfanin inshora bayan gobara: me zan ce a kan abin da ban gani ba?

Tambaya: Salam. Gobara ta cinye ɗakin baya na gidana ranar da ba na nan. Yanzu kamfanin inshora sun aiko min fom in cike in rantse a kai, kuma sun ce lauyansu zai zauna da ni ya yi min tambayoyi. Akwai gurin da aka ce in faɗi lokacin da wutar ta tashi da abin da ya haddasa ta. Ni dai ina kyautata zaton tsohuwar firizata ce, maƙwabcina ma ya ce ya ga tartsatsi ta wajen. In rubuta haka? Ina tsoron in na ce ban sani ba su ɗauka ɓoye wani abu nake.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da alheri Ya kiyaye gaba.

Kada ka rubuta cewa firiza ce ta haddasa. Ba ka nan, ba ka gani ba, kuma bayanin rantsuwa ba gurin faɗin abin da zuciya ta fi karkata ba ne. Amma kuma kada ka ɓoye cewa akwai firiza a ɗakin, ko cewa maƙwabci ya faɗa maka wani abu. Waɗannan abubuwa biyu daban ne, kuma a tsakaninsu ne mutanen kirki da ba su da niyyar cutar kowa suke jefa kansu a matsala, na sha ganin haka a aikin neman diyyar inshora kuma abin na damuna sosai domin yawanci asarar gaskiya ce, gobarar gaskiya ce, baki ne kawai ya yi gaba ya bar sani a baya.

Abin da zai taimake ka shi ne kafin ka taɓa fom ɗin nan ka ɗauki farar takarda, duk maganar da kake son faɗa ka tambayi kanka: daga ina na samo ta? Da idona na gani ko da kunnena na ji a lokacin? A takarda ko a waya na karanta? Wani ne ya ba ni labari? Ko ni ne na zauna na haɗa lissafi a kaina? Na farko ka faɗe shi kai tsaye. Na biyu ka faɗa ka ambaci takardar. Na uku ka faɗa tare da wanda ya faɗa maka da lokacin da ya faɗa. Na huɗun nan shi ne hasashe, shi ba ka kawo shi da kanka, in kuma an matsa maka an tambaye shi to ka sa masa sunansa, ka ce zato ne.

Bari mu gwada da naka. A ce ka fita daga gida bayan ƙarfe shida na yamma, maƙwabci ya kira ka da dare, ka iso ka tarar 'yan kwana-kwana na aiki. A gurin lokaci mutane da yawa sai su rubuta "wuta ta tashi ƙarfe 8:30 na dare" saboda an kira su wajen tara saura, sun cire 'yan mintuna. To wa ya ce maka 8:30? Wuta na iya yin awa tana cin ciki a hankali kafin hayaƙi ya fito waje har wani ya gani. Abin da ka sani shi ne lokacin da aka kira ka, shi ma kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, buɗe wayarka ka duba jerin kira ka ɗauki hotonsa ka ajiye tun bai goge ba. Sai ka rubuta kamar haka: "Ba na gida lokacin da wutar ta tashi, don haka ban san ainihin lokacin da ta fara ba. Na bar gida tsakanin ƙarfe 6:00 da 6:30 na yamma, a lokacin ban ga hayaƙi ba kuma ban ji ƙauri ba. Wayata ta nuna maƙwabcina ya kira ni ƙarfe 8:47 na dare ya ce min akwai wuta a ɗakin baya."

Ka ga a nan ba ka tsaya a "ban sani ba" kawai ba, ka ba su iyaka ta farko da ta ƙarshe, wutar ta tashi ne a tsakani. Wannan shi ne maganin tsoron da kake ji. Wanda ke ɓoye abu yana rufe ƙofa ne, kai kuwa ka ce ban san wannan ba amma ga duk abin da na sani a kewayensa, ga kuma inda za ku tabbatar. Mai bincike da ya san aikinsa yana gane bambancin nan take.

Ka lura kuma da "tsakanin 6:00 da 6:30". Wannan kiyasi ne, kuma kiyasi halal ne a bayanin rantsuwa matuƙar yana da tushe kuma ka ce kiyasi ne. Kai ne ka fita, ka san rana ba ta faɗi ba, ka san abin da ka gama yi kafin ka fita, kawai ba ka duba agogo ba ne. Hasashe kuwa shi ne ka faɗi abin da ba ka da wata hanyar saninsa. In aka tambaye ka tsawon ɗakin baya za ka iya cewa kusan mita huɗu ne, ban auna ba, domin ka sha shiga. In aka tambaye ka mintuna nawa wutar ta yi kafin ta kama rufi, ba ka da abin cewa.

Yanzu musabbabi, inda ya fi haɗari. Ga yadda zan so ka rubuta: "Ban san abin da ya haddasa wutar ba. A ɗakin akwai firiza guda ɗaya da ke jone da wuta lokacin da na fita, da kwanukan fenti biyu da kwalayen kaya. Washegari maƙwabcina ya faɗa min ya ga tartsatsi ta tagar ɗakin, ni ban gani ba." Shikenan. Firizar ta fito, maganar maƙwabci ta fito da sunan maganarsa, ba ka yanke hukunci ba.

Me ya sa na nace haka alhali mai yiwuwa zatonka daidai ne? Na ɗaya, tartsatsin da maƙwabci ya gani bai nuna mafarin wuta ba, domin idan wuta ta riga ta kama ta narkar da robar waya, wayoyin su haɗu su yi tartsatsi, kenan tartsatsin na iya zama ɗan gobarar ba ubanta ba. Su kansu ƙwararrun masu binciken gobara, bayan sun tona toka sun duba yadda ƙuna ta bi bango sun kai wayoyi gwaji, wani lokaci rahotonsu na ƙarewa da cewa ba a gano musabbabi ba, kuma wannan sakamako ne karɓaɓɓe a aikinsu. In su za su iya cewa haka, kai da ba ka ma gurin ba abin kunya ba ne.

Na biyu, kalmar da ka rubuta tana da nauyin kuɗi a cikin yarjejeniyar inshorarka. Da ka ce "tsohuwar firiza ce" tambayoyi za su biyo: tun yaushe ka san tana da matsala? ta taɓa jan mutum? ta taɓa ƙona fis? me ya sa ka bar ta jone? Akwai yarjejeniyoyin da ke cire na'urar da ta ƙone saboda lalacewar wutar cikinta daga abin da za a biya, akwai masu sharaɗin kula da kaya yadda ya kamata. Sannan kamfanin inshora idan ya biya ka yana da damar bin wanda ya jawo asarar ya karɓi kuɗinsa, ko kamfanin da ya ƙera firizar ko mai gyaran da ya taɓa ta, to ka ga zatonka da ka rantse a kai zai iya ja wa wani bawan Allah shari'a a kan abin da ba ka da tabbas. In kuma daga baya bincike ya nuna wutar daga wata kusurwa ta fara, nesa da firiza, sai a dawo maka: me ya sa ka rantse cewa firiza ce, me kake son kawar da hankalinmu daga kai?

Wannan ba tsoratarwa ba ce, akwai shari'ar da ta nuna shi ƙarara a Ingila, ta jirgin ruwan dakon kaya mai suna DC Merwestone. A watan Janairun 2010 jirgin ya taso daga Klaipeda a ƙasar Lithuania, ruwa ya cika ɗakin injinsa injin ya lalace, asarar ta haura Yuro miliyan 3. Da lauyoyin kamfanonin inshora suka nemi bayani, ɗaya daga cikin manajojin jirgin ya ce ƙararrawar shigar ruwa ta yi ƙara tun da tsakar rana amma ma'aikata suka kasa dubawa saboda igiyar ruwa na jijjiga jirgin, kuma ya nuna kamar daga bakin ma'aikatan ya ji. Alhali shi ne ya zauna ya tsara abin da yake ganin zai iya faruwa, ya gaji da jinkirin biya, yana son a yi sauri. Asarar gaskiya ce, kuma ta shiga cikin abin da inshorar ta ɗauka ko da wannan maganar ko babu ita. Duk da haka kotun farko ta ce masu jirgin sun rasa diyyar gaba ɗaya saboda wannan maganar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, sai a 2016 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta juya hukuncin ta ce ƙaryar da ba ta shafi cancantar diyyar ba ba za ta kashe ta ba. Shekara shida kenan daga asarar zuwa hukuncin ƙarshe. Kuma wannan hukuncin na can ne, kada ka ɗauka haka dokar kowace ƙasa take. A Amurka tun 1884 Kotun Ƙoli a shari'ar Claflin ta ce amsar ƙarya da gangan a kan abin da ya shafi binciken kamfani tana rushe neman diyya, ko da dalilin mutum na yin ƙaryar ba cutar kamfanin ba ne.

Kada wannan ya hana ka barci dai. A ƙa'ida kuskure na tsakani da Allah ba zamba ba ne, abin da ke rushe diyya shi ne mutum ya faɗi abin da ya san ba haka ba ne, ko ya faɗa da ganganci bai damu ko gaskiya ne ko a'a ba, a kan abu mai muhimmanci. Matsalar hasashe ita ce yana zaune dab da wannan na biyun, ka faɗi abu da bakin tabbas alhali ka san ba ka tabbatar ba.

To in fom ɗin da kansa ya nemi zatonka fa? Yana faruwa. Tsohon tsarin inshorar gobara na New York na 1943, wanda yarjejeniyoyi da yawa a Amurka suka kwaikwaya, ya ce mai neman diyya ya kawo bayanin rantsuwa cikin kwana 60 yana faɗin saninsa da abin da ya yi imani da shi game da lokaci da asalin asarar. In naka ma haka ya ce, ko lauyansu ya ce maka "mun ji ba ka sani ba, amma me kake zato?", ba za ka yi ƙaryar cewa ba ka da zato ba tunda kana da shi. Sai ka ce: "Ba ni da sani. Na yi tunanin firiza ne kawai saboda ita kaɗai na san tana jone a ɗakin, amma zato ne, ban gani ba kuma ba ni da ilimin binciken gobara." Ka tsaya nan. Wa'adin ma ka duba naka a takardar yarjejeniyarka da wasiƙar da suka aiko, ba ko'ina ne kwana 60 ba, in ba zai ishe ka ba ka nemi ƙari a rubuce kafin ya cika, kuma ka karɓi amincewarsu a rubuce.

Akwai inda nake son ka yi taka-tsantsan ta ɗaya ɓangaren, domin wasu na jin "kada ka kawo hasashe" sai su fassara shi da "ka yi shiru a kan abin da bai yi maka daɗi ba". A'a. A ce makonni biyu kafin gobarar mai gyaran wuta ya canja soket a wannan ɗakin. Wannan ba zato ba ne, abu ne da ya faru kuma ka sani. In aka tambaye ka ko an yi wani aikin wuta a gidan kwanan nan, amsar ita ce e, ranar kaza, an canja soket ɗaya a ɗakin baya, ga wanda ya yi. Abin da ba za ka ƙara ba shi ne "ina jin bai ɗaure wayar da kyau ba". Haka in firizar ta taɓa ƙona fis wata uku da suka wuce kuma aka tambaye ka ko ta taɓa ba da matsala, dole ka faɗa, ko da kana ganin zai rage maka ƙarfi. Yarjejeniyar da ta hana ƙarya ita ce ta hana ɓoye abu mai muhimmanci, yawanci ma a jimla ɗaya suke. Kuma rabin gaskiya da aka tsara don ta ɓatar da mai ji, kamar ka ce "tana aiki lafiya ranar" alhali ka san labarin fis ɗin aka nufa, ana iya ɗaukarta ɓoyewa.

Ranar zama da lauyansu kuma, ka sani duk abin da ka furta ana rubutawa ko ana naɗa. Ka bari ya gama tambaya, ka ɗan numfasa, ka amsa abin da aka tambaya. In ya yi shiru bayan ka gama yana kallonka kada ka ji dole sai ka cike shirun, a nan ne mutane ke fara "wataƙila ma dai..." su kwararo abin da ba a tambaye su ba. In ya haɗa tambaya biyu a ɗaya, kamar "ka kulle ɗakin ka kashe komai kafin ka fita ko?", ka raba masa: ƙofa na kulle, wannan na tuna, firiza kuwa ban kashe ba, sauran fitilu ban tuna ba. In ya sa maka magana a baki, "kenan wajen ƙarfe takwas wutar ta fara", ka ce ban ce haka ba, na ce 8:47 aka kira ni. In ba ka gane tambaya ba ka ce a sake, in harshen da ake yi da shi bai zauna maka sosai ba ka nemi tafinta tun kafin ranar.

Ka rarrabe "ban sani ba" da "ban tuna ba". Na farko na nufin ba ka taɓa sanin abin ba, na biyu na nufin ka sani a da amma yanzu ya kwanta maka. In ka ce ba ka san shekarar da ka sayi firizarka ba abin zai yi wani iri, kai ka saya ai. Daidai shi ne ban tuna shekarar ba, ta haura biyar, zan duba in kawo. Kuma in ka ce za ka kawo to ka kawo. Sannan ka guji manyan kalmomi irin "kullum" da "ban taɓa ba". "Kullum ina kashe soket kafin in fita" al'adarka ce, ba shaidar abin da ka yi a ranar ba, in ba ka tuna ranar ba ka ce al'adata ce in kashe amma ban tuna na wannan ranar musamman ba. "Ban taɓa neman diyya ba" kuma sai a zaro wata ƙaramar da ka nema ta gilashin mota shekara takwas baya wadda ka manta, gara ka ce iya tunawata babu, in kuwa ka tuna ta ka faɗe ta.

Jerin kayan da suka ƙone shi ma yana cikin rantsuwar, mutane na mantawa da haka. A nan gaskiya aka fi kama mutane, ba a musabbabi ba. Kowane kaya ka rubuta mene ne, na wane kamfani in ka tuna, yaushe ka saya, sabo ko na hannu, sannan kuɗin da ka sa daga ina ya fito: rasit ne, bayanan banki ne, ko farashin irinsa na yau ka duba. In kiyasi ne ka rubuta kiyasi a gefensa. In ba ka tuna ko kwalaye shida ne ko goma ba kada ka zaɓi goma, ka ce tsakanin shida da goma, ka nemi tsofaffin hotuna a waya da suka nuna ɗakin. Kayan da ba naka ba, na ɗan'uwa da ya ba ka ajiya misali, ka nuna na wane ne. Kuma dan Allah kada ka saurari masu cewa ka ƙara kaɗan tunda ai za su rage, a dokokin ƙasashe da dama ƙarin da aka yi da gangan na iya cinye har ɓangaren gaskiyar, a Birtaniya dokar inshora ta 2015 ta faɗa a fili cewa in neman diyya na zamba ne kamfani ba ya da nauyin biyansa. Ban da haka ƙarya a kan rantsuwa laifi ne mai zaman kansa da hukuma ke iya kama mutum da shi.

Wani abu da za ka yi kafin ranar: ka tuno duk inda ka riga ka yi magana. Kiran farko da ka yi wa kamfanin, wanda sau da yawa ana naɗa, abin da ka faɗa wa 'yan kwana-kwana ko 'yan sanda a daren, saƙonnin da ka tura wa mutane. Ka nemi kwafin abin da za a iya ba ka. In a daren cikin ruɗewa ka ce musu "firiza ce", kada ka yi kamar ba ka faɗa ba, kuma kada ka ji dole ka tsaya a kai don magana ta zo ɗaya. Ka ce e na faɗi haka a daren, zato nake, ban gani ba. Maƙwabcin nan kuma kada ku zauna ku daidaita labari, ka bar shi ya faɗi nasa in an neme shi, ko iyalinka ma kowa ya faɗi abin da shi ya gani. Ɗan bambanci tsakanin shaidu abu ne da aka saba, labarin da ya zo iri ɗaya sak har kalmomi shi ke sa a ɗaga gira.

Kada ka sa hannu a fom da ke da gurbin da ba a cike ba, kada kuma ka sa hannu a bayanin da wani ya rubuta maka ba ka karanta layi-layi ba, ko wakilin da ya sayar maka da inshorar ne. In gurbin ya yi kaɗan ka rubuta "duba takardar da aka haɗa" ka yi cikakken bayani a can, ka riƙe kwafin komai. Bayan zaman ka nemi rubutaccen abin da aka naɗa ka karanta a tsanake. In ka ga kuskure, ko na mai rubutu ko naka, ka gyara a rubuce da wuri: shafi kaza layi kaza na ce 2019 na sayi firizar, na samo rasit ya nuna 2017 ne, ga kwafi. Gyaran da ka kawo da kanka tare da dalili yana da daraja daban da wanda suka gano suka tare ka da shi.

Tunda har lauyansu ne zai zauna da kai, ina ba ka shawara ka samu naka lauyan da ya san harkar inshora a inda kake, ka kai masa yarjejeniyar gaba ɗaya da wasiƙar da fom ɗin kafin ka sa hannu a komai. Ba zai amsa tambaya a madadinka ba, amma zai duba maka wa'adi da irin takardun da suke da hurumin nema, ya kuma zauna kusa da kai ranar. Abin da ba zan so ka yi ba shi ne ƙin zuwa ko yin biris da wasiƙar, domin ba da haɗin kai sharaɗi ne a yawancin yarjejeniyoyi, rashinsa kaɗai na iya zama dalilin hana ka diyya. In kuma ka ji tambayoyin sun fara karkata ga basussukanka da inda kake a daren da wa ke da makullin gidan, to suna duba yiwuwar da gangan aka sa wutar ne, irin wannan binciken sun saba yi kuma ba ya nufin sun kama ka da laifi, amma daga nan kada ka ƙara zama ko ɗaya ba lauya a gefenka.